Yadda ake rubuta sanarwar tasha ta ratsa hayaniya

*Tambaya: Malam, an ɗora ni a kan lasifikar tasharmu. Ina ɗaga murya har maƙogwarona ya dushe, amma fasinja sai su zo suna tambayata abin da na gama faɗa yanzun nan. Wace irin gajeriyar sanarwa zan rubuta wadda za a riƙa ji duk da hayaniya?*

Ƙanena, sannu da aiki. Abin da zan fara gaya maka shi ne mai sauraronka a tasha ba ya jin jimla, guntaye yake tsinta. Matar da ke cinikin kuɗin buhunta da yaron mota, ga janareta a gefenta, ga mai rake yana kira, ga wata mota tana hon a bakin ƙofa, a cikin kalmomi goma da ka faɗa wataƙila huɗu ne za su isa kunnenta, kuma ba kai ne za ka zaɓi waɗanda za su isa ba. Don haka sanarwar tasha ana rubuta ta ne yadda kowane guntu zai tsaya da ƙafarsa, kuma yadda ɓacewar gaɓa ɗaya ba za ta juya ma'ana ba. Na yi shekaru ina karanta sanarwa a rediyo kafin in koma harkar haɗa lasifika a tashoshi da kasuwanni, kuma sai da na zubar da rabin abin da na saba, domin a rediyo mutum yana zaune ya kasa kunne, a tasha kuwa hankalinsa yana kan kayansa da aljihunsa.

Bari mu ɗauki irin sanarwar da aka fi rubutawa, wadda nake kyautata zaton taka ma ba ta yi nisa da ita ba:

"Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Muna yi wa dukkan fasinjojinmu masu daraja barka da zuwa wannan tasha mai albarka, kuma muna sanar da waɗanda suka yanki tikitin zuwa Bauchi cewa motarsu za ta tashi nan ba da jimawa ba, don haka ana roƙonsu da su hanzarta zuwa inda motar take, kuma kada su bar kayansu a ƙasa. Mun gode."

Hausar ba ta da laifi, ladabin ma ya cika. Amma ƙirga ka gani. Kalmomi 60 ne, kuma sunan Bauchi, wanda shi kaɗai ne zai sa mutum ya ɗago kai, sai a kalma ta 30 ya fito, sau ɗaya tak. Wanda hon ya rufe masa wannan daƙiƙar ya rasa sanarwar gaba ɗayanta, domin bai san da shi ake ba. Sannan ba a faɗi inda motar take ba, "inda motar take" aka ce, alhali baƙo ne ya fi kowa buƙatar lasifika, ɗan gari ya riga ya san layinsa. "Nan ba da jimawa ba" kuma ba lokaci ba ne. Mai son shiga banɗaki ko yin alwala bai san ko zai iya ba.

Amma babban haɗarin yana cikin wasu ƙananan kalmomi biyu, kuma a kansu zan daɗe, don su ne ba a lura da su. Ta farko ita ce "za". Tsakanin "motar Bauchi za ta tashi" da "motar Bauchi ta tashi" gaɓa ɗaya ce tal, gajeriyar kalma wadda ƙarar rufe but ɗin mota ta isa ta haɗiye. Na ga wannan da idona a wata tasha da muka yi wa aiki. Wata dattijuwa tana zaune a kan ƙullin kayanta kusa da mai shayi, rasit ɗinta a ɗaure a bakin zane. Aka yi sanarwa cewa motarsu za ta tashi, ita kuwa "ta tashi" ta ji. Ta miƙe jiki yana rawa, ta ɗora kaya a ka, ta nufi ƙofar fita tana salati, za ta je bakin titi ta sake biyan wani kuɗin motar da ba lallai tana da shi ba. Allah ya sa yaron motar ya gane ta, ya bi ta da gudu ya dawo da ita. Motar tana nan, ko injin ba a tayar ba. Tun ranar ban sake barin "za ta tashi" a cikin rubutun sanarwa ba. Ka ce "tana lodi", ko "saura minti goma", ko "a shiga mota". Kowanne daga cikinsu ko an yanke masa kai ba zai koma kishiyarsa ba.

Ta biyu ita ce "kada". Idan ka ce "kada a bar kaya a ƙasa" kuma farkon ya ɓace, abin da ya rage shi ne "a bar kaya a ƙasa", umarni cikakke, kuma akasin abin da kake nufi. Haka "ba" ta korewa take: "motar Gusau ba ta cika ba" tana iya isa kunne a matsayin "ta cika". Maganin shi ne ka faɗi abin da kake so a yi, ka bar wanda ba ka so. "Kowa ya riƙe kayansa." "Motar Gusau da sauran wuri." "A bi ta ƙofar gabas", maimakon "kada a bi ta ƙofar yamma". Inda hani ya zama dole, kamar shan taba kusa da inda ake zuba mai, yi amfani da "an hana", ka maimaita ta a ƙarshe: "An hana shan taba a nan. An hana." Kalma ce mai wasula buɗaɗɗu, tana da jiki, ba ta saurin nutsewa.

Ga yadda zan mayar da waccan sanarwar. Kowane layi numfashi ɗaya ne, kuma bayan kowane layi ka yi shiru gwargwadon ƙirga ɗaya a zuci:

Salamu alaikum, jama'a.
Bauchi. Bauchin Yakubu.
Farar bas, gaban masallaci.
Saura minti goma.
Masu zuwa Bauchi, a shiga mota.
Kowa ya riƙe kayansa.
Bauchi. Farar bas, gaban masallaci.

Kalmomi 28 ke nan, ƙasa da rabin ta farko, amma Bauchi ta fito sau 4, wurin motar sau 2. Da tsayawar da na ce, za ta ɗauke ka wajen daƙiƙa 20. Idan ka gama ta a daƙiƙa 10, ka yi sauri, sake.

Sallamar da ke layin farko aiki take yi, ba ado ba ce. Daƙiƙar farko ta kowace sanarwa kusan asara ce, domin lokacin ne kunne yake barin abin da yake saurare ya juyo gare ka. Duk abin da ka sa a wurin ba za a kama shi sosai ba, don haka ka sa abin da kowa ya sani ko bai ji shi duka ba. Sallama ta cika wannan sharaɗi, kuma ta sauke maka nauyin ladabi. Abin da ba na so shi ne a ja ta, a bi ta da gaisuwar shugaban tasha da mataimakinsa da sakatare. Girmama shugabanni yana da wurinsa, a yi shi da safe sau ɗaya lokacin buɗe lasifika, amma kiran mota ba wurinsa ba ne.

"Bauchin Yakubu" kuma ba don kirari na sa shi ba. Sunayen garuruwanmu da yawa suna kama da juna a cikin hayaniya. Bauchi da Bichi, wasali ne kawai ya raba su, alhali daga Kano ɗaya ta hanyar Wudil da Birnin Kudu da Ningi ake zuwa, ɗaya kuma tana kan hanyar Katsina. Ga Dutse da Dutsin-ma, ga Gumel da Gummi, ga Zariya da Azare, ga Birnin Kudu da Birnin Kebbi da Birnin Gwari waɗanda rabinsu na farko iri ɗaya ne. Ka zauna da jerin garuruwan da tasharku take lodi, ka fitar da masu kama da juna, ka ba kowanne abokin tafiya da ba ya canzawa. Wani kirarinsa ne zai raba shi: Bauchin Yakubu, Katsinar Dikko, Sakkwato birnin Shehu. Wani jiharsa: Dutse ta Jigawa, Gummi ta Zamfara. Wani kuma hanyarsa: Daura, ta Dambatta da Kazaure. Wannan na ƙarshen yana da ƙarin amfani, domin mai sauka a hanya ma ya ji nasa. Sai dai kada ka jera garuruwa fiye da uku a kira ɗaya. Idan suka yi yawa sai babban sunan ya nutse a cikinsu. Ka lura 'yan kamasho sun daɗe da gano wannan da kansu. Mai kiran "Zariya-Kaduna, Zariya-Kaduna" bai karanta komai a kan sauti ba, amma suna yake sawa a gaba yana maimaitawa a kari ɗaya. Abin da za ka ƙara a kan nasa shi ne wuri da lokaci da gaskiya.

Na ce gaskiya domin a yawancin tashoshinmu ba agogo ke tayar da mota ba, cika ce. Idan haka taku take, cire "saura minti goma" ka sa "saura mutum uku", amma ka aika a duba ko ka leƙa da kanka. Kowa ya san "saura mutum ɗaya" ta bakin titi, wadda ake shiga a tarar da kujera biyar babu kowa. Ranar da fasinja suka gane lasifikar tasha ma haka take yi, sun daina saurarenta, kuma wannan kurumtar babu amfilifayar da take maganinta.

Lambobi su ma suna da tarkonsu, kuma dalilin yana cikin yadda sautin magana yake. Wasula, wato a, e, i, o, u, su ne masu ƙarfi, suna tafiya nesa. Baƙaƙe irin su s, t, f, k raunana ne, sautinsu siriri ne, alhali su ne suke bambanta kalma da kalma. Rurin injin da janareta sauti ne mai kauri, kuma mai kauri yana danne siriri. Shi ya sa daga nesa kana jin ana magana amma ba ka gane me ake cewa ba: wasulan sun iso, baƙaƙen sun mutu a hanya. Yanzu dubi bakwai da takwas. Idan b da t na farko suka dushe, s ta ƙarshe ta faɗi, kusan abu ɗaya ya rage. Biyu da biyar farkonsu ɗaya. Talatin da tamanin, arba'in da saba'in, duk haka. Saboda wannan nake ba da shawarar a kira wuri da abin da ido yake gani, ba da lamba ba: gaban masallaci, ƙarƙashin darbejiya, kusa da famfo, bakin ƙofar fita, tare da launin mota. Wannan ya fi "layi na bakwai" isa, kuma ya yi wa wanda bai iya karatu ba adalci. A minti kuwa ka tsaya a kan goma da rabin awa, su ba su da abokin ruɗani. Idan dole ka faɗi biyu, ƙirga ta: "ɗaya, biyu, saura mutum biyu". Lambar mota, in an tare hanya ana neman direba, karanta ta ɗaya-ɗaya, huɗu, sifiri, tara, kada ka ce ɗari huɗu da tara, kuma ka fara da launi da irin motar da inda ta tsaya, domin direba da jin "jar Golf a bakin ƙofar fita" ya san tasa ce tun kafin ka kai ga lamba.

Wannan bayanin na wasula da baƙaƙe shi ne kuma dalilin da ya sa ihunka bai taimake ka ba. Idan mutum ya yi ihu, wasulan ne suke ƙara ƙarfi sosai, baƙaƙen ba sa bin su daidai. Ga shi kuma ihu a bakin makirfo yana cika amfilifaya fiye da ƙarfinta, sautin ya fashe ya zama gwaram-gwaram. Ka yi magana da muryar da za ka yi wa mutumin da ke ɗaya gefen tsakar gida, cikakkiya amma ba tsawa ba, ka buɗe baki, ka ƙarasa ƙarshen kowace kalma. Kada ka daddatsa kalma don a ji. Hausa da karin sauti da tsawon wasali take rarrabe ma'ana, idan ka ja kowace gaɓa daidai da 'yar'uwarta ka ɓata kamannin kalmar. Jinkirin a tsakanin layuka yake, ba a cikin kalma ba. Makirfo ya kasance kamar faɗin yatsu huɗu daga bakinka, ɗan karkace gefe don iskar "f" da "b" kada ta buge shi, kuma kada ka dunƙule kansa da tafin hannu, wannan yana toshe murya yana jawo ƙara mai tsinin nan. A jikin amfilifaya, rage Bass sosai, ɗaga Treble kaɗan, Echo kuwa mayar da shi sifiri. Masu kiɗan biki suna son amsa-kuwwa don tana ƙawata murya, amma a tasha kowace maimaituwa tana faɗawa ne a kan kalmar da ke biye ta rufe ta.

Akwai iyakar da rubutu ba zai iya tsallakewa ba, gara ka san ta don kada ka zargi kanka a banza. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. A fili, duk sanda nisa ya ninka, ƙarfin sauti yana raguwa da desibel 6. A ce lasifikarka tana ba da 90 a mita 4. A mita 8 ta koma 84, a 16 ta koma 78, a 32 ta koma 72. Don a fahimci magana ba tare da wahala ba, ana son ta fi hayaniyar wurin da kamar desibel 10. Idan hayaniyar tasharku a lokacin cunkoso ta kai 75, ka ga daga mita 8 ka fara rasa wannan ratar, a mita 32 kuwa hayaniya ta riga ta hau kanka. Ƙara murya a lasifika ɗaya zai kurmantar da na kusa ne kafin ya isa na nesa. Abin da yake aiki shi ne lasifika biyu ko uku masu matsakaiciyar murya, a ɗaure su sama da rufin motoci, bakinsu ya ɗan sunkuyo kan inda mutane suke zama. Kada su fuskanci juna daga nesa, kuma kada a saita su ga doguwar katanga ko cikin rumfar kwano. Sauti yana tafiyar wajen mita 340 a daƙiƙa, saboda haka idan muryar lasifika ta biyu, ko wadda ta dawo daga bango, ta yi tafiyar da ta fi ta farko da kamar mita 17, kunne yana fara jin su a matsayin murya biyu. Alamar ita ce ka tafa hannu sau ɗaya a makirfo, wanda ke tsakiyar tasha ya ji tafi biyu. In haka ta faru, juya bakin ɗaya ko rage ta, kai kuma ka ƙara tsawon shirun da ke tsakanin layukanka.

Sanarwar cigiya tsarinta ɗaya da ta mota, amma da taka-tsantsan guda. Idan an tsinci yaro, ka ce:

Salamu alaikum, jama'a. Cigiya.
An tsinci yaro. Yaro ƙarami, namiji.
Yana ofishin tasha, kusa da ƙofar shiga.
Mai yaro ya zo ofis.
An tsinci yaro. Ofishin tasha.

Ka ga ban faɗi sunansa ba, ban faɗi kayan jikinsa ba. Uwar da ɗanta ya ɓace ba ta buƙatar waɗannan kafin ta rugo, kai kuwa kana buƙatar su don ka tambayi wanda ya zo, sannan ka duba ko yaron ya san shi. Haka waya ko jaka: "an tsinci waya" ya isa, mai ita ya zo ya faɗi irinta. Idan kuma iyaye ne suke neman yaro, a nan ne za ka faɗi launin riga da kimanin shekaru, don idanun jama'a su taya nema, launi ɗaya da alama ɗaya, ba dogon siffantawa ba.

In tasharku tana da fasinjan da ba sa jin Hausa, kamar masu lodin Legas ko Onica, kada ka cakuɗa harsuna a jimla ɗaya. Gama Hausar tsaf, ka yi shiru, sannan ka maimaita da Turanci ko Turancin buroka a bisa wannan jerin dai: gari, wuri, lokaci, abin yi. Kuma ka koyi kama lokaci. Idan tirela tana wucewa ko an fara kiran salla, dakata. Rabin minti na jira ya fi sanarwar da ta tafi a iska. Tsakanin sanarwa da sanarwa kashe makirfo. Lasifikar da take zuba kiɗa ko hira ko talla duk yini tana zama ɓangaren hayaniyar, kunne ya saba da watsar da ita.

Kafin ka amince da rubutunka, gwada shi, kuma ba da safe da tasha take shiru ba, a tsakiyar cunkoso. Samo mutum biyu waɗanda ba su ga takardarka ba, zai fi kyau ɗaya ya kasance dattijo, domin siririn sautin nan shi ne yake fara raguwa a kunne idan shekaru suka ja. Tsayar da ɗaya a wuri mafi nisa da fasinja suke zama, ɗaya kusa da janareta. Karanta kira 10 a jerin da ba su sani ba, ka cusa masu kama da juna a ciki da gangan. Bayan kowanne su riƙe amsa uku: wane gari, ina motar take, me aka ce a yi. Idan sun kawo 9 daidai, rubutun ya yi. Idan sun ruɗe a kan kalma ɗaya su biyun, kalmar ce matsala, canza ta. Idan na nesa ne kaɗai yake faɗuwa a ko'ina, matsalar lasifika ce, ka kai wa shugabannin tasha wannan sakamakon a rubuce, ya fi ka ce musu "ba a ji". Idan kuwa sun ce suna jin murya da ƙarfi amma ba sa gane kalmomi, koma kan Bass da Echo da saurin bakinka.

Rubutun da ya tsallake gwajin, rubuta shi da manyan baƙaƙe a kwali, ka bar gurbi uku, na gari da na wuri da na adadi, ka manna a bango daidai idonka. Wanda zai karɓe ka idan ka tafi salla ko cin abinci shi ma da wannan kwalin zai yi aiki, kalma da kalma, don masu bin tasharku su saba da jerin har su riƙa cike abin da hon ya cinye da kansu. Ka ajiye ruwa kusa da kai, ba mai sanyi ƙwarai ba, ka riƙa kurɓa, musamman da hunturu lokacin da ƙura take busar da maƙogwaro. Allah ya taimaka.